Gona ɗaya, awo uku: faddan goma ce ko eka tara da ɗigo shida?

Ɗan_Gadarif
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san awon ƙasa. Yayana da ke aiki a Jidda ya wakilta ni in saya masa gona a wani ƙauye da ke kudancin Gadarif a Sudan, kuma mun daidaita da mai gonar a kan cewa faddan goma ce, kamar yadda aka rubuta a takardar da ke hannunsa. Dillali ya zo da igiyarsa ya auna ɓangarori huɗu a gabana: arewa mita 240, kudu mita 200, gabas mita 180, yamma mita 200. Ya haɗa arewa da kudu ya raba biyu, ya haɗa gabas da yamma ya raba biyu, ya ninka 220 da 190, ya ce murabba'in mita 41,800 ne, wato faddan goma ba kaɗan. Bayan sun tafi sai ɗana ya zagaya iyakar gonar da wayarsa, manhajar awo ta nuna masa eka 9.6. Na aika wa Yaya dukkan alƙaluman, sai ya ce in dakatar da biyan ragowar kuɗin har a gane wanne ne daidai. Rabin kuɗin yana hannun mai gona, damina kuma tana matsowa. Wane awo zan riƙe, kuma idan akwai giɓi, nawa ne?

Abu_Sadiya
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada wannan ya tayar maka da hankali, domin eka da faddan abu ɗaya ne, Bature ya ce eka, Balarabe ya ce faddan. Idan waya ta ce 9.6 takarda ta ce 10, giɓin bai kai rabin faddan ba, kuma waya ba ta rasa ɗan kuskure. Ni a ganina ka nemi ya rage maka wani abu kaɗan a rufe ciniki.

MaiAwo_Sinnar
Malam Abu Sadiya, sun yi kusa da juna amma ba ɗaya ba ne, kuma a gona mai wannan girma bambancin yana fitowa fili. Faddan murabba'in mita 4,200 ne, eka kuwa 4,047 idan an cike ɗigon, hekta kuma 10,000. Ke nan kowane faddan ya ɗara eka da murabba'in mita 153. Abin da na saba gaya wa duk wanda ya zo mini da irin wannan rigima shi ne kada a gwada suna da suna, a fara mayar da kowane adadi zuwa murabba'in mita, sannan a jera su a duba.

Takarda ta ce faddan 10, wato 42,000. Dillali ya ce 41,800. Waya ta ce eka 9.6, idan ka ninka da 4,047 za ka samu kimanin 38,850, idan kuma ka raba wannan da 4,200 sai ya ba ka faddan tara da kwata. Saboda haka idan har waya ce mai gaskiya, abin da ya ɓace kashi uku cikin huɗu ne na faddan, wato murabba'in mita 3,150, kusan ninki biyu na abin da ka lissafa. Ban ce wayar ce mai gaskiya ba tukuna, na dai ce ga girman tambayar da ke gabanmu.

Hajiya_Jidda
Ɗan Gadarif, ka tabbatar kai da yayanka kuna magana da ma'auni ɗaya. Mu a nan Saudiyya idan ana maganar gona za ka ji ana cewa donum, shi kuma murabba'in mita 1,000 ne, don haka faddan goma donum 42 ke nan, awon wayar ɗanka kuma bai cika donum 39 ba. Wanda ya daɗe a nan idan aka ce masa donum uku sun ɓace zai fi jin nauyin abin fiye da a ce masa ɗigo kaza. Sannan takardar mallaka ta nan tana rubuta iyaka ta kowace fuska da tsawonta da mita, sannan ta rubuta jimillar faɗin da murabba'in mita. Ina jin shi ya sa yayanka ya tsaya, ya saba ganin takarda mai bayani. Ita takardar mai gonar taku, akwai tsawon ɓangarori a cikinta?

Bakano_a_Makka
Ni dai a wajenmu ba ma wahalar da kanmu, fuloti muke ƙirgawa. Hamsin a ɗari fuloti ɗaya, eka ɗaya fuloti takwas. Ka ce wa dillalin ya yanka ta fuloti-fuloti, idan ta ba da tamanin to ta cika, idan ba ta ba da ba a rage kuɗi. Wannan shi ne mafi sauƙi.

MaiAwo_Sinnar
Alhaji, gonar dawa ce ake magana ba filin gini ba, amma tun da ka kawo maganar bari in taɓa ta, domin akwai 'yan'uwa da yawa a nan da ke aika kuɗi Najeriya a saya musu fili. Hamsin a ɗari da kake nufi da ƙafa ake aunawa, kuma yana ba da murabba'in mita 464 da rabi. Eka ɗaya tana ɗaukar irinsa takwas da sama da kashi biyu cikin uku, faddan kuma yana ɗaukar tara da ɗan ƙari. Takwas ɗin da ake faɗa lissafin masu yanka ne bayan an ware hanya. Wani kuma zai auna mita 15 a 30 ya kira shi hamsin a ɗari, alhali 450 ne kawai, a Legas kuma idan an ce fuloti galibi ƙafa sittin a ɗari da ashirin ake nufi, wanda shida daga cikinsa ke cika eka. Kalmar da girmanta ke sauyawa daga gari zuwa gari ba za ta raba gardamar da ke tsakanin mutum biyu ba, sai dai ta ƙara ta uku.

Malama_Kassala
Haka kalmar kadada take. Na sha jin a rediyo a ce kadada dubu kaza, wani mai fassara eka yake nufi, wani hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Duk wanda zai rubuta takardar ciniki da Hausa ya guji wannan kalma sai in ya biyo ta da adadin mita.

Baffan_Maiwurno
Yara, ku yi mini haƙuri in ce wani abu. Tun muna ƙanana da igiya ake auna gona, a haɗa tsawo da tsawo a raba, a haɗa faɗi da faɗi a raba, kuma da wannan lissafin aka raba gadon iyayenmu ba a yi faɗa ba. Yau dillali ya auna a gaban mai saye, awonsa ya yi daidai da takardar da aka rubuta tun kafin a haifi yaron da ke riƙe da wayar, shaidu biyu ke nan sun haɗu, sai a ce a bar su a bi waya? Na ga wayar da ta nuna mini ina tsakiyar kogi alhali ina zaune a zaurena. Ni ban yarda a ɓata wa mai gona suna saboda ita ba.

MaiAwo_Sinnar
Baffa, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan waya tana da tushe, kuma zan dawo kanta. Amma ina roƙon ka dubi shaidun nan biyu da kyau, domin mai yiwuwa ne shaida ɗaya ce ta yi magana sau biyu. Idan wanda ya rubuta faddan goma a takarda da irin lissafin dillali ya samo ta, dole su yi daidai, ko da duka biyun sun kauce.

Lissafin haɗawa a raba biyu yana fita daidai ne idan kusurwoyin gonar huɗu a miƙe suke kamar na ɗaki. Ka ɗauki angarib, wato gadon katako, wanda ƙusoshinsa suka saki, ka tura shi ta kusurwa ɗaya. Katakan nan huɗu ba wanda ya ragu ko da ɗan yatsa, amma gadon ya karkace, kuma wurin kwanciyar da ke tsakaninsu ya ragu. Idan ka ci gaba da turawa sai katakan su kusa haɗuwa, wurin ya kusa ƙarewa, alhali mai igiya zai auna ɓangarorin ya ba ka adadin da ya ba ka tun farko. Wato tsawon ɓangarori huɗu kaɗai ba ya yanke girman gona, sai an san yadda ta karkace. Abin da ya fi muhimmanci ga mai saye shi ne kuskuren wannan lissafi gefe ɗaya yake faɗawa kullum: ko dai ya yi daidai, ko ya ƙara wa gonar girma, ba ya taɓa rage mata. A rabon gado tsakanin 'yan'uwa, idan an yanka gona ɗaya da hanya ɗaya, ƙarin yakan bazu a kan kowa, shi ya sa ba a cika jin ciwonsa ba. A ciniki kuwa mutum ɗaya ne ke biyan kuɗin ƙasar da babu ita.

Ɗan Gadarif, ga abin da za ka yi, ba ya bukatar na'ura. Ka samo tef na mita 50, ka kafa turke a kowace kusurwa a gaban mai gona da maƙwabta, ka sake auna ɓangarorin huɗu da tef ɗin, domin igiya tana miƙewa, idan kuma ta taɓa tsinkewa aka ɗaure ta tana gajarcewa. Sannan ka auna daga kusurwar arewa maso yamma zuwa ta kudu maso gabas, ka ratsa tsakiyar gonar a miƙe. Ka sa mutum ya tsaya a turken farko yana hango na ƙarshe, yana daidaita sandunan da kuke kafawa a hanya, don kada layin ya yi lanƙwasa. Idan gonar ba ta karkace ba, wannan awo zai faɗo kusa da mita 290. Ka kawo mana abin da ka samu.

Manomin_Jazira
Abin da MaiAwo ya faɗa ya sa na gane dalilin da mu a Jazira ba mu cika samun wannan matsala ba. Filayen aikin noman ban-ruwa na Jazira an tsara su a miƙe tun asali, kowane babban yanki da ake kira nimra mita 1,350 a 280, ka ninka ka samu 378,000, ka raba da 4,200 ka samu faddan 90 cif. A irin wannan wuri lissafin Baffa ba ya kuskure. Rigimarmu ta wani wajen take fitowa. Na taɓa karɓar hayar wani yanki daga hannun wani mutum a kan faddan huɗu, da na zo shuka sai na ga bakin magudanar ruwa da hanyar da ake wucewa sun cinye wani ɓangare, shi yana ƙirga su a ciki, ni kuma abin da garma za ta taka nake ƙirgawa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu, ba mu dai faɗi abin da muke aunawa ba. Ɗan Gadarif ya tambayi ɗansa ko ya bi ainihin iyaka ne ko ya bi bakin inda aka nome bara, domin yaro zai iya kauce wa ƙaya da kwari ya yanke wani yanki bai sani ba.

Ɗan_Kurdufan
Mu a yamma da mukhammas ake magana, kuma a takardun ma'aikatan gona ana lissafa shi a kan faddan ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Amma a ƙauye tsawon igiyar da ake aunawa da ita ba ɗaya ba ne a ko'ina, don haka mukhammas ɗin wani gari ya fi na wani. Kawuna ya sayi gona a kan mukhammas shida yana zaton ya haura faddan goma, da aka auna da tef bai samu haka ba, kuma bai iya cewa an cuce shi ba domin da igiyar garin aka auna a gabansa. Ina ba da shawara a tambayi tsofaffin ƙauyen da me aka auna gonar nan ranar da aka rubuta goma ɗin.

Ɗan_Gadarif
Na gode ƙwarai da gaske. Jiya mun koma da tef, da mai gonar da maƙwabcinsa na gabas. Ɓangarorin huɗu sun fito kamar yadda dillali ya faɗa, bambancin bai wuce mita ɗaya ba a ko'ina, saboda haka igiyarsa ba ta da laifi. Awon da ya ratsa tsakiya daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas ya ba mu mita 340. Mun maimaita sau biyu. Game da tambayar Manomin Jazira, ɗana ya ce turakun iyaka ya bi, kuma babu kwari a gonar. Hajiya, takardar ba ta da tsawon ɓangarori, sunayen maƙwabta huɗu ne kawai da kalmar faddan goma.

MaiAwo_Sinnar
Madalla. Mita 340 a inda ake sa ran 290 ya riga ya nuna gonar ta karkace sosai. Yanzu layin da ka auna ya raba ta gida biyu, kowane gida mai kusurwa uku, kuma shi mai kusurwa uku ba ya karkacewa kamar angarib, idan an san ɓangarorinsa uku an san girmansa babu gardama.

Gida na farko ɓangarorinsa 240 da 180 da 340. Ka haɗa su ka samu 760, ka raba biyu ka samu 380. Daga 380 ka cire kowane ɓangare ɗaya bayan ɗaya, za ka samu 140 da 200 da 40. Ka ninka huɗun nan gaba ɗaya, sannan ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka. Gida na biyu ɓangarorinsa 200 da 200 da 340, jimilla 740, rabi 370, ragowar 170 da 170 da 30. Ga yadda za su fito:

```
√(380 × 140 × 200 × 40) = 20,630
√(370 × 170 × 170 × 30) = 17,911
20,630 + 17,911 = 38,541
```

Gonar murabba'in mita 38,541 ce. Da faddan, tara ne da ɗigo 18. Da eka, tara da rabi da ɗan ƙari. Da hekta, 3.85. Yayanka kuma ka ce masa donum 38 da rabi. Tsakaninta da faddan goma akwai giɓin murabba'in mita 3,459, wato sama da kashi huɗu cikin biyar na faddan, ko kuma kashi 8 cikin 100 na abin da kuka yi ciniki a kai.

Sai dai ina so ka san inda wannan lissafi yake da rauni. Ya dogara sosai a kan awon tsakiyar nan. Da a ce ainihinsa 330 ne kuka samu 340 saboda layin ya lanƙwasa, gonar za ta tashi 39,726, bambancin ya haura kwatan faddan. Saboda haka ka auna ɗaya layin, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Idan awonku na jiya daidai ne, zai faɗo kusa da mita 230. Idan ya kauce da mita da yawa, akwai kuskure a wani wuri, ko kuma ɗaya daga cikin iyakokin ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da ciki ko doro, wanda hakan ke bukatar a yanka gonar gida fiye da biyu.

Abu_Sadiya
Na karɓi gyara a kan eka da faddan, na gode. Amma yanzu ga waya ta ce 38,850, tef ya ce 38,541. Su ma ba su daidaita ba, to me ya sa za a yarda da ɗaya a bar ɗaya?

MaiAwo_Sinnar
Wannan bambanci ba irin wancan ba ne. Kewayen gonar mita 820 ne, don haka idan mai zagayawa ya kauce da mita ɗaya tak zuwa waje a duk tafiyarsa, ya ƙara kimanin murabba'in mita 820, kusan kashi ɗaya cikin biyar na faddan. Bambancin da kake magana a kai 309 ne, bai kai kaucewar rabin mita ba, alhali wayar hannu tana iya kuskuren mita uku zuwa biyar a wuri guda. A gona babba kurakuran sukan cinye juna, wani ya faɗa ciki wani ya faɗa waje, shi ya sa ta yi kusa. A filin gida mai mita 20 a 20 ba zan saurari waya ba ko kaɗan, kuma a nan ne maganar Baffa take da ƙarfi. Amfanin wayar a wannan ciniki shi ne ta nuna akwai abin dubawa, kuma hanya biyu da ba su da alaƙa da juna sun faɗo wuri ɗaya. Ba da ita za a rubuta takarda ba.

Ummu_Hafsa_Madani
Na yi shekaru ina aikin rubuta takardu a ofishin lauya kafin yaƙin 2023 ya raba mu da gida, kuma abin da zan tambaya ba lissafi ba ne. Wace irin takarda ce a hannun mai gonar? Idan ƙasar mai rajista ce, akwai shahadar bahasi da ake cirowa daga ofishin rajistar filaye, mai ɗauke da lambar fili da sunan mai shi da faɗinsa, kuma akwai kuruki, wato zanen taswirar filin, a wajen ma'aikatan masaha masu awon ƙasa. A irin wannan hali idan rajista ta ce goma ƙasa ta ce tara da ɗigo, sai a nemi mai awon hukuma ya fito ya mayar da iyaka, domin mai yiwuwa giɓin yana cikin gonar maƙwabci, an ci shi sannu a hankali da garma. Akwai kuma inda shahadar ke ba mutum kaso ne a cikin babban fili da ba a raba ba, ya mallaki faddan goma a takarda amma ba a ware masa wurinsu ba, wanda ya saya kuma ya gaji wannan matsala. Idan kuwa hiyaza ce, wato takardar shaidar riƙo daga shehun gari ko kwamiti, to adadin da ke ciki sau da yawa kiyasi ne, abin da take tabbatarwa shi ne wane ne ke riƙe da wurin da kuma su wa ke kewaye da shi. Yadda ka kwatanta ta, sunayen maƙwabta ba tsawo, ta fi kama da ta biyun.

Ɗan_Gadarif
Hiyaza ce, Yaya Ummu Hafsa. Na kai wa mai gonar lissafin, bai yi musu da awon ba, amma ya ce shi gonarsa ya sayar mini da iyakokinta da na gani da idona, ba faddan ya sayar ba, kuma haka mahaifinsa ya bar masa ita da sunan goma. Ni kuma abin da na tuna shi ne da muka zauna, dillali ya faɗi kuɗin faddan ɗaya a yankin, aka ninka goma, sannan aka yi ragi kaɗan aka tsaya a dunƙulallen adadi. A takardar kafin alƙalami an rubuta jimillar kuɗin ne kawai, da cewa gona ce mai faddan goma.

Malam_Damazin
To a nan ne maganar ta koma. Malamai sun bambanta tsakanin sayar da abu a dunƙule bayan an gan shi, da sayar da shi a kan awo, kowane ma'auni da kuɗinsa. Idan a kan awo aka ƙulla, abin da ya ragu ana cire kuɗinsa. Naku ya faɗo tsakani, domin an gina farashin a kan faddan amma an rubuta shi a dunƙule. Abin da na fi karkata a kai shi ne tun da an ambaci goma a takarda kuma da ita aka yi lissafin kuɗi, mai saye yana da hakkin magana, ko a rage masa ko ya fasa. Amma wannan fahimtata ce daga nesa, ku zauna da malamin da zai ji bakin shaidun da suka halarta, domin abin da aka furta a wurin shi ne abin dubawa.

Baffan_Maiwurno
MaiAwo, na gwada misalinka da kara huɗu a tsakar gida, na gani, kuma na yarda gonar ba ta cika ba. Amma ban yarda a cire wa mutumin nan kashi takwas cif ba. Kuɗin faddan da dillali ya faɗa, daga ina ya samo shi? Daga cinikin gonakin ƙauyen, waɗanda duka da wannan igiyar da wannan lissafin aka auna su. Idan faddan ɗin garin gaba ɗaya ƙarami ne, to farashinsa ma na ƙaramin faddan ne. Ba adalci ba ne a saya da farashin igiya a karɓa da awon tef.

Hajiya_Jidda
Baffa, wannan magana tana da nauyi, sai dai ba kowace gona ce ta karkace kamar wannan ba. Wadda take a miƙe faddan ɗinta cikakke ne, kuma da kuɗi ɗaya ake sayar da su. Mai aiko da kuɗi daga nan zai biya ladan tarakta da iri a kan faddan goma, ya girbe amfanin tara. Ni da za a bi tawa, a raba giɓin biyu, amma ko nawa aka tsaya a kai, sabuwar takarda ta ɗauki tsawon ɓangarori huɗu da na layukan tsakiya biyu da adadin murabba'in mita, maƙwabta su sa hannu, don kada ranar da za a sake sayarwa ko a raba gado a koma kan goman nan.

MaiAwo_Sinnar
A kan kuɗi ba ni da ta cewa, wannan na malamai ne da masu cinikin. Abu ɗaya zan ƙara a kan takardar da Hajiya ta kawo: a rubuta da me aka yi alamar kowace kusurwa, kuma ya zama abin da ba ya gusawa, kamar ƙarfe da aka dasa da siminti, domin ƙasar Gadarif tana tsagewa da rani tana kumbura da damina, turken itace ba ya daɗewa a inda aka kafa shi. Idan da hali a samu mai awo mai lasisi ya zana kuruki, ya fi ƙarfi a gaban hukuma fiye da lissafin da muka yi a nan.

Ɗan_Gadarif
Mun auna ɗaya layin yau da safe, ya ba mu mita 231, don haka na tsaya a kan faddan tara da ɗigo 18. Yaya ya ce a cire kuɗin giɓin gaba ɗaya, mai gona ya ce zai iya sauke kwatan faddan kawai, dillali kuma yana ta kai da kawowa domin ladansa a kan jimillar kuɗin yake. Maƙwabcin gabas ya ce a zamanin mahaifinsa iyakar tana wajen wata bishiyar aduwa da aka sare, amma ba wanda ya iya nuna gurbinta. An sa ranar Juma'a bayan la'asar mu zauna a gidan shehun garin tare da shaidu biyun da suka halarci cinikin. Malam Damazin, idan shaidun suka saɓa a kan ko an ambaci kuɗin faddan ɗaya a zaman farko, maganar wa ake ɗauka?